Farin kambas da ya koma ruwan ɗorawa a Agege: yadda aka dawo da haskensa ba tare da gam ya saki ba

Takalmin farin kambas ne mai igiya, lamba 43, irin wanda ake kewaye gefensa da farar roba, a kuma yi masa hular roba a kan yatsu. Mai shi matashi ne ɗan Arewa da ke zaune a Agege, yana sayar da kayan waya a Ikeja. A kasuwar Katangowa ya saye shi gwanjo, kuma ya ce lokacin da ya saya fari ne tas. A tsakiyar damina, cikin watan Yuni, ruwa ya tare shi a hanyar gida, kwata ta cika ta malalo kan titi, ya ratsa ta cikin baƙin ruwan nan na Legas mai haɗe da laka da baƙin mai na motoci. Da ya isa gida sai ya miƙa wa ƙanensa ya wanke.

Yaron ya yi iya abin da ya sani. Ya zuba omo mai yawa a bokiti, ya ƙara bilic ba tare da awo ba, ya tsoma takalmin ya bar shi ya kwana a ciki. Da safe ya ɗauraye sau ɗaya da ruwan bohol na gidansu, ya ɗora shi a kan kwanon rufi don ya bushe da wuri. Da yamma da aka sauko da shi, laka ta fita, amma yadin ya yi zane-zanen ruwan ɗorawa, ɗigo-ɗigo masu kalar tsatsa sun bayyana a kan harshensa, robar gefe ta yi duhu, baƙaƙen kwarzane suna nan yadda suke, kuma bakin takalmin ƙafar dama ya buɗe a daidai inda ƙafa ke lanƙwasawa.

Haka ya kawo shi rumfarmu, inda muke wankin takalma da gyaransu. Abin da ya fara faɗa shi ne: "Malam, a ƙara masa bilic mai ƙarfi ko zai dawo?" Na ce masa: "Ɗan'uwa, bilic ɗin ne ya kawo mu nan. Bari mu duba tukuna."

Gam ake fara dubawa, kafin a taɓa ruwa

Wanda ya ɗauki farin takalmi idonsa kan tabo yake zuwa. Ni kuwa layin da yadi ya haɗu da roba nake fara bi da babban yatsa, domin wannan layin ne zai faɗa mini iyakar abin da zan iya yi. Yadin auduga yana jure goga, roba ma tana jurewa. Gam ne mai rauni a cikinsu, kuma abubuwa uku ke kashe shi: zafi, doguwar jiƙa, da ruwaye masu narkarwa irin su fetur da tina.

Ba duk kambas ake haɗawa iri ɗaya ba. Akwai wanda ake naɗa masa ɗanyar roba a gefe, sannan a gasa takalmin gaba ɗaya a tanda har robar ta nuna ta kama yadin. Wannan dabarar gasa roba da farar wuta Charles Goodyear ne ya yi mata rajista a 1844, kuma da ita ake yin irin su Converse All Star da Vans na asali. Ana gane shi da cewa robar gefen kamar ɗamara take, za ka ga inda bakinta ya hau kan ɗaya bakin. Irin wannan ya fi jure ruwa. Akwai kuma wanda ake zuba ƙasansa a mazubi ya fito guda ɗaya kamar kwale-kwale, a shafa gam a zaunar da saman a ciki. Gam ɗin masana'anta da zafi ake tayar da shi kafin a manna, zafin da bai wuce digiri 60 zuwa 70 ba. To kwanon rufi a ranar Legas yana yin zafin da tafin hannu ba ya iya zama a kansa. Wanda ya shanya takalmi a can yana sake laushe gam ɗin ne, alhali babu abin da ke matse shi.

Wannan takalmin na gasawa ne, amma da na buɗa inda ya saki sai na ga wani abu daban: busasshen gam mai ruwan zuma a ciki, irin wanda masu gyaran takalmi ke amfani da shi. Ma'ana an taɓa gyara wurin kafin a sayar masa. Wannan ba abin mamaki ba ne a kayan gwanjo, kuma gyara ba aibi ba ne. Sai dai irin wannan gam ɗin bai kai haɗin asali ƙarfi ba, kuma kwana cikin ruwan omo da bilic, sannan wuni a kan kwano, ya fi ƙarfinsa. Buɗewar ta kai tsawon yatsa guda. Na bi sauran layin ina dannawa, na sami wani wuri a dunduniyar ƙafar hagu da ya ɗan yi laushi amma bai buɗe ba.

Daga nan na san dokar aikin: ba za a sake tsoma takalmin nan cikin bokiti ba, ba zai ga ruwan zafi ba, ba injin wanki, ba handiraya. Na share cikin buɗaɗɗen wurin da busasshen buroshi, na rufe bakinsa da selotef na takarda don kada ruwan wanki ya riƙa shiga. Ba a manna shi a wannan matakin, domin gam ba ya kama wuri mai laima ko datti. Shi ne aikin ƙarshe.

Launin ɗaya ne a ido, amma sanadi uku ne

A nan ne mafi yawan mutane ke ɓata takalmi. Suna ganin ruwan ɗorawa su ɗauka datti ne da ya ƙi fita, sai su ƙara sabulu, su ƙara bilic. A kan wannan kambas ɗin kaɗai akwai tabo iri uku, kowanne da maganinsa, kuma ana iya bambance su da gwaji na minti kaɗan.

Na farko shi ne zane-zanen da suka bi gefen ɗinki da bakin roba, masu kama da taswira. Na jiƙa farin tishu da ruwa mai tsabta, na danna a kan ɗaya daga cikinsu na ɗan lokaci. Da na ɗaga, launin ya hau kan tishun. Duk tabon da ya biyo ruwa ya fito haka, ba a jikin zaren yake ba, saura ne. Omo ne da ba a ɗauraye ba, haɗe da dattin da ya narke a cikin kaurin yadin da shimfiɗar ciki. Kambas yadi ne mai kauri, sau da yawa ninki biyu. Lokacin da yake bushewa, ruwan da ke ciki yana hawowa waje kamar yadda kananzir ke bin lagwani, ya taho da duk abin da ya narke a cikinsa. Ruwa ya tafi da iska, shi kuma abin ya zauna a fuskar yadin. Rana mai zafi kuma ta ƙara gasa shi ya yi duhu. Wannan tabon shi ne ya fi yawa, kuma shi ne mafi sauƙin fita.

Na biyu shi ne ɗigo-ɗigon da ke kan harshe da kusa da ramukan igiya, masu jan-ƙasa. Tishu bai ɗauke su ba. Na ɗauraye wurin sosai da ruwa, sannan na ɗiga ruwan lemon tsami a kan guda ɗaya. Cikin 'yan mintuna ya fara dusashewa. Tsatsa ce. A wasu unguwannin Legas ruwan bohol yana ɗauke da ƙarfe a narke, shi ya sa za ka ga bokiti da bangon banɗaki suna yin ja. Bilic ba ya cire tsatsa, yana ma fito da ita ne: yana sa ƙarfen da ke narke a ruwa ya koma tsatsa ya zauna a zare. Na tambayi mai takalmin ko farar rigarsa tana yin ja idan an wanke da ruwan gidansu, ya ce ƙwarai, shi ya sa yake kai ta wajen mai wanki. Ban buƙaci wata shaida ba. Ɗaurayar da na yi kafin lemon tsamin kuwa dole ce, domin bilic idan ya haɗu da abu mai tsami, ko lemon tsami ko ruwan khal, yana fitar da iskar da ke ƙona ƙirji da ido.

Na uku siririn layi ne mai launin shayi a daidai inda yadi ya shiga ƙarƙashin roba, musamman kusa da tsohon gyaran. Tishu bai ɗauka ba, lemon tsami bai taɓa shi ba, kuma idan ka shafa za ka ji wurin ya ɗan yi tauri. Gam ne da ya tsufa ya canja launi a cikin zaren. Na gaya wa mai takalmin tun a lokacin cewa wannan ba zai fita duka ba. Abin da zai narkar da shi daga yadi shi ne zai narkar da shi daga ƙarƙashin roba. Gara a bar siririn layi da a raba takalmi da ƙasansa.

Na kuma ja yadin da yatsu biyu a gefen ƙaramin yatsa, inda ya fi shan lanƙwasa, don in ji ko bilic ya cinye zaren. Auduga da ta daɗe a bilic mai ƙarfi tana yin rauni, idan an goga sai ta yi gashi-gashi ko ta yage. Wannan ta tsira, sai dai fuskar ta ɗan yi kaushi, don haka na ajiye buroshi mai tauri, na ɗauki mai laushi.

Wankin yadin

Na zare igiyoyi, na fitar da shimfiɗar ciki, domin tana ɗagowa ba tare da tilas ba. Wadda aka manna da gam ba a fisgar ta. Igiyoyin na jiƙa su daban cikin ruwan sabulu, shimfiɗar kuma na wanke ta ita kaɗai na jingine, saboda ita ce ke riƙe mafi yawan baƙin ruwan kwata, kuma idan ta zauna a ciki za ta ci gaba da aiko da datti zuwa yadi.

Aikin farko ba ƙara sabulu ba ne, fitar da wanda ke ciki ne. Na yi amfani da ruwan leda, tunda ruwan da ke da ƙarfe shi ne rabin matsalar. Na karkata takalmin yadda buɗaɗɗen gefen zai kalli sama, ina zuba ruwa kaɗan-kaɗan daga kofi, ina bi da buroshi mai laushi. Kumfa ta yi ta fitowa daga takalmin da ban sa wa sabulu ko ɗigo ba. Na ci gaba har ruwan da ke sauka ya daina santsi a yatsa. Bayan kowane zubi ina cusa tsohon farin tawul a ciki in danna daga waje, don ruwan ya fita da wuri maimakon ya zauna a kan layin gam.

Sannan na haɗa farin ruwan khal kashi 1 da ruwa kashi 4, na shafa wa yadin duka da soso. Omo yana da kaifi irin na kanwa, tsamin khal kuma yana karya wannan kaifin, ya saki abin da ya maƙale. Bayan minti 10 na ɗauraye. A kan ɗigon tsatsa na sa ruwan lemon tsami da ɗan gishiri, na bar shi kimanin minti 20, na ɗauraye, na maimaita a kan biyu da suka yi taurin kai. Zobban ramukan igiya na wannan takalmin ba na baƙin ƙarfe ba ne, don haka ba daga su tsatsar take ba. A kan wasu kambas masu araha zobban kansu ne ke tsatsa, kuma a nan ko an cire tabon zai dawo duk lokacin da takalmin ya jiƙe.

Sai matakin haskakawa. Maimakon bilic, haidurojin nake amfani da shi, wannan da ake saya a kemis don wanke ciwo. A duba jikin kwalbar: idan an rubuta kashi 3 cikin 100, a yi amfani da shi haka; idan kashi 6 ne, a sirka shi da ruwa daidai wa daida. Awon da nake yi wa ƙafa ɗaya shi ne babban cokali 1 na bekin soda, rabin cokali na haidurojin, rabin cokali na ruwa, a dama ya yi kauri. Bekin soda ta masu yin kek nake nufi. Sodar da ake haɗa sabulu da ita wani abu ne daban, tana ƙona hannu, tana cin yadi, kada ta kusanci takalmi. Na shafa haɗin da tsohon buroshin haƙori a kan yadin gaba ɗaya, ba kan tabo kawai ba, domin idan aka haskaka wuri ɗaya sai ya fita daban da kewayensa. Na tsaya ɗan nesa kaɗan da layin gam. Bayan minti 30 a inuwa na kakkaɓe, na sake ɗauraya sosai.

Mutane da yawa suna zuba khal a kan bekin soda, su ga kumfa tana tashi su ce aiki na yi. Kumfar alama ce cewa ɗaya ya kashe ɗaya, abin da ya rage kusan ruwan gishiri ne. Kowanne da lokacinsa, da ɗauraya a tsakani. Haka nan ba a haɗa khal da haidurojin a mazubi ɗaya.

Shanya, inda Legas ta bambanta da gida

Wanda ya taso a Kano ko Sakkwato ya saba da cewa abin da aka shanya da hantsi ya bushe kafin azahar. A Legas lokacin damina iskar kanta a jiƙe take, kambas yana iya wuni biyu da laima a ciki. Daga nan ne jarabar kwanon rufi da gefen janareta ke zuwa. Idan kuma aka bar shi a lungu ba iska, sai ya yi hunhuna da wari. Mafita ita ce a cire ruwa da yawa da hannu tun farko, sannan a bar iska mai motsi ta ƙarasa.

Na danne takalmin da busasshen tawul ciki da waje har tawul ya daina jiƙewa. Na cusa farar takarda a ciki don ya riƙe siffarsa. Jarida ba ta dace ba, tawadarta tana hawa kan farin yadi. Sannan na lulluɓe duk fuskar yadin da farin tishu, ninki 3, ina danna shi da jiƙaƙƙen hannu har ya manne ko'ina, musamman gefen ɗinki da bakin roba. Dalilin shi ne wancan hawowar ruwa da na faɗa. Duk yadda ka ɗauraye, wani abu zai rage a ciki, kuma zai hawo. Idan tishu yana manne, shi ne zai zama fuskar ƙarshe da ruwan zai bushe a kai, sai tabon ya zauna a jikinsa maimakon a yadi. Sharaɗin kawai shi ne ya manne sosai, kuma kada a ɗaga shi kafin ya bushe ƙarau. Inda ya kumbura ya bar yadin, a nan za ka tarar da tabo.

Na ajiye shi a inuwa gaban fanka, na canja takardar ciki da ta jiƙe. Da tishun ya bushe na ɓare shi, gefunansa sun yi ruwan ɗorawa, yadin kuma ya fito fari. A dunduniyar hagu, inda yadi ya fi kauri, wani ɗan zane ya rage. Wurin kaɗai na sake jiƙawa da ruwa mai tsabta, na sake manna tishu, ya tafi.

Kwarzanen roba

Baƙaƙen zanen da ke gefen roba ma iri biyu ne, kuma farce ke rarrabe su. Idan ka bi zanen da farce ka ji sumul, ko ka ji kamar wani abu ya ɗan hau sama, to baƙon abu ne ya goge a kai: tayar babur, matakin danfo, ko ƙasan takalmin wani a cikin turmutsutsu. Idan kuwa farce ya faɗa rami, robar ce ta yanke, datti ya cika wurin. Na farko ana ɗaga shi. Na biyu ana wanke cikinsa ne kawai, ramin yana nan.

Ina farawa da abin da ya fi sauƙi, in hau sama idan ya ƙi. Farar kilina ta goge fensir, a bushe, ta ɗauke fiye da rabin zanen wannan takalmin. Wanda ya rage mai maiƙo ne, na baƙin mai, shi kuma sabulun ruwa na wanke kwanuka ya fi dacewa da shi: ɗigo biyu a kan buroshin haƙori, a goga, a share da jiƙaƙƙen ƙyalle nan take, kada baƙin ruwan ya gangara kan yadin da aka gama wankewa. Don haka nake manna selotef na takarda a gefen yadin, in kuma riƙe takalmin yadda ruwa zai gangara ƙasa. Cikin ƙananan ramuka da zanen hular yatsu na sa bekin soda da ɗan ruwa na goga. Farin makilin ma yana yin wannan aikin, amma ba mai launi ba.

Zane biyu a gaban ƙafar dama sun ƙi. A kansu na yi amfani da farin soson nan mai laushi da ake sayarwa don goge bango da tayil, wanda ke ƙarewa yayin da ake goga shi. A san cewa kankara yake yi, yana cire siririn fatar robar ne tare da tabon. Idan aka matsa, ƙyallin robar zai tafi, wurin ya yi kaushi, kuma roba mai kaushi ta fi saurin kama datti. Na jiƙa shi, na goga a hankali a kan zanen kawai, na kauce wa baƙin layin ado da ke kewaye da robar.

Wani yaro da ke koyon aiki a rumfar ya ce wa dattijon da muke aiki tare: "Baba, da fetur aka sa ai da tuni ya fita." Baba ya ce: "Zai fita, ɗana. Amma da me muke sirka gam idan ya daskare a gwangwani?" Yaron ya yi shiru, don ya san amsar. Fetur, tina, kananzir da ruwan goge jan farce duk suna cire kwarzane cikin sauri, ba ƙarya ba ne. Amma suna bin layin haɗi su shige ƙarƙashi, su laushe gam, kuma ba a ranar ake ganin ɓarnar ba, sai an taka takalmin wasu kwanaki bakin ya buɗe. Fetur da kananzir suna kuma kumbura roba su bar ta da danƙo. Idan tabon maiƙo ya ƙi sabulu, iyakar abin da nake yarda da shi shi ne ɗan sifirit a kan audugar goge kunne, a tsakiyar robar, nesa da inda ta haɗu da yadi, a share nan da nan.

Robar da ta tsufa

Bayan an cire datti duka, robar ba ta dawo fari ba, ta tsaya a launin madarar gwangwani, hular yatsu ta fi duhu. Wannan ba datti ba ne. Farar roba tana canja launi da kanta saboda iska da hasken rana, bilic kuma yana hanzarta hakan. Goga ba ta magance shi.

Abin da ke rage shi shi ne haidurojin mai ƙarfi, irin mai kauri da masu gyaran gashi ke haɗa rini da shi, wanda aka rubuta 40 vol a jikinsa, wato kashi 12 cikin 100. Ana shafa shi a kan roba, a rufe da siririyar leda mai mannewa don kada ya bushe, a sa a rana, domin hasken rana ne ke tayar da aikinsa. Ga inda haɗarin yake: ana buƙatar haske, amma zafin da ke zuwa tare da shi maƙiyin gam ne, kuma leda tana ƙara tara zafin. Na bayyana wa mai takalmin haka, ya ce a gwada amma kada a matsa.

Na sa safar hannu, domin wannan ƙarfin yana ƙona fata ya mayar da ita fari. Na rufe yadin gaba ɗaya da selotef da farin ƙyalle, na shafa siririn shafi a kan roba, na bar tazara daga buɗaɗɗen wurin da kuma dunduniyar da ta yi laushi. Na ajiye shi a kan benci na katako da hantsi, ba a kan siminti ko kwano ba, minti 30, ina taɓa robar da bayan hannu lokaci zuwa lokaci. Ƙa'idata ita ce da zarar ta wuce ɗumi ta fara zafi, a mayar da shi inuwa ko lokaci bai cika ba. Na share, na wanke, na bar shi ya huce, washegari na maimaita. Gefen ya yi haske sosai. Hular yatsu ta ragu amma ba ta kai gefen ba, kuma a nan na tsaya. Ƙarin zagaye zai iya ƙara haske kaɗan, amma roba tana bushewa ta fara tsattsagewa idan an yawaita, ga kuma gyaran da ke jira. Na kuma gaya masa gaskiya cewa wannan hasken ba na dindindin ba ne, launin zai riƙa dawowa a hankali cikin watanni.

Manna bakin

Sai da takalmin ya bushe ƙarau ciki da waje na cire selotef ɗin buɗaɗɗen wurin. Na kankare tsohon gam da bakin ƙaramar wuƙa da 'yar takardar yashi, domin sabon gam a kan mataccen gam ba ya riƙewa. Na zaɓi gam marar launi, na shafa siriri a fuskokin biyu da tsinken sakace, na tsaya kaɗan kafin bakin don kada ya tsatso ya sake yin wani layin. Na jira kimanin minti 10 zuwa 15 har ya daina bin yatsa, sannan na haɗa na matse da ƙarfi, na cusa takarda a ciki, na ɗaure da ƙyalle, ya yi awa 24 ba a taɓa ba. Gam mai kamawa nan take na ƙaramin bututu bai dace da wannan wurin ba: yana bushewa ya yi tauri, ƙafa kuma a nan take lanƙwasawa, sai ya karye, ya kuma bar tabo mai tauri a yadi.

Da mai takalmin ya zo karɓa, yadin fari ne, tsatsa ta fita, zanen roba sun tafi in ban da ramuka biyu da farce ke ji. Siririn layin tsohon gam yana nan kusa da gyaran ga wanda ya sunkuya ya duba. Ya tambaya ko a shafa farin ruwan nan na takalmin 'yan makaranta a rufe shi. Na ce ana iya ɗiga shi a kan layin kaɗai, amma kada a shafe yadin duka, domin rufi yake yi, yana taurara kambas, yana tsagewa a wurin lanƙwasa, kuma ruwan sama na farko zai mai da shi dabbare-dabbare. Ya zaɓi a bar layin haka.

Dunduniyar hagu ban buɗe ta ba, tunda tana riƙe. Na nuna masa wurin, na ce ya riƙa dannawa bayan kowace jiƙa, in ya ga ta fara ɗagowa ya kawo tun tana ƙarama. Idan ruwa ya sake dukansa, ya bar laka ta bushe ya kakkaɓe da buroshi, sannan ya goge da jiƙaƙƙen ƙyalle da ɗan sabulu, ya ɗauraye da ruwan leda, ya manna tishu ya sa gaban fanka. Wajen ajiya kuma kada ya ƙulle shi a leda ko ya tura shi ƙarƙashin gado, ya ɗora shi a kan kanta inda iska ke wucewa, da farar takarda a ciki.